CV biyu, buƙata biyu: abin da aikin gyara ya koya mini a Jos

Gyaran CV ne aikina a wani shagon kwamfuta da ke titin Bauchi, kusa da Jami'ar Jos. Masu turo aiki ba sa dogon bayani. Sai dai a turo takarda ta WhatsApp, a rubuta "improve" a ƙasanta, shi ke nan. Kafin in taɓa ko layi ɗaya, shekarun da ke ciki nake fara dubawa: yaushe aka gama makaranta, shekara nawa aka yi ana aiki. Sannan in yi tambaya guda: wane aiki za a nema da ita? Amsoshin nan ne ke nuna mini abin da mai takardar yake buƙata.

Idan sabon kammala karatu ne, yawanci tono ake buƙata. Wata yarinya da ta karanci ilimin ƙananan halittu ta turo shafi uku, an cika su da makarantar firamare, ƙaramar hukuma, addini, har da cewa tana son karatu da tafiye-tafiye. Horon SIWES, wato na koyon aiki da ake tura ɗalibai, na wata shida da ta yi a kamfanin ruwan leda kuwa layi ɗaya ta ba shi. Ga shi aikin duba ingancin kaya take nema. Na kira ta na ce, "Ƙanwata, littafin da kika riƙa cikewa lokacin SIWES yana nan?" Ta ce, "Yana nan, Yaya, amma ai wannan ba aiki ba ne." A nan ne yawancinsu ke cutar kansu, kuma abin yana damuna. Da ta ɗauko hotunan shafukan, sai ga shi kullum da safe tana ɗibar ruwa daga tankuna uku, ta auna pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, ta shigar da sakamakon a Excel, in ta ga ya kauce ta sanar da mai kula da ɗakin gwaji. Wannan shi ne ainihin aikin da take nema, ta riga ta yi shi ba ta sani ba.

Layin nan ɗaya ya zama huɗu, kowanne ya faɗi abin da hannunta ya yi. Karatu ya hau sama, da makinta 3.8 cikin 5, tunda ya faɗa rukunin digiri na "second class upper" da ke farawa daga 3.50, in maki ya yi ƙasa sosai, sunan digirin kawai nake sawa. Aikin bincikenta na shekarar ƙarshe da koyarwar da ta yi a hidimar ƙasa suka biyo baya. Firamare da addini suka fita. Komai ya zauna a shafi ɗaya.

Wanda ya daɗe yana aiki kuwa, aski takardarsa take so. Wani dattijo da ya yi shekara 14 yana kula da sito ya turo shafi biyar, kusan duk an kwafo daga jerin ayyukan da aka ba shi ranar ɗauka: karɓar kaya, fitar da kaya, ajiye lissafi. Yadda nake ganewa shi ne in rufe sunan in karanta. In abin da ke ciki zai dace da duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin, to takardar ba ta faɗi komai a kansa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya canza a siton nan saboda kai?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ƙidayar ƙarshen wata da take cin kwana uku ta koma yini ɗaya bayan ya sake tsara kantoci ya sa musu lamba, kuma ya horar da yara shida. Su muka ɗora a sama. Tsofaffin ayyukansa suka samu layi ɗaya ɗaya, karatu ya koma ƙasa, shafi biyu suka wadatar.

Akwai iyakar da ba na ƙetarewa a wajen duka biyun. Ba na mai da ɗalibar horo ta zama jami'a, ba na kuma sa adadin da mai takardar ba zai iya kare shi a gaban masu tantancewa ba. Dattijon ya so mu rubuta kuɗin kayan da ke siton, na ce a bari, wannan sirrin masu kamfani ne, adadin nau'in kayan ya isa. Ita kuma yarinyar ta so a ce ta ƙware a gwajin ƙwayoyin cuta, alhali kallo kawai ta yi ana yi, sai muka rubuta cewa ta taimaka wajen shirya samfura, domin shi littafinta ya nuna.