Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kusurwar h8

A makon jiya mun tsaya inda na fara zuwa wurin dattijon nan na Sabon Garin Zariya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda yake shimfiɗa allon ces a ƙofar gidansa bayan la'asar. Ban taɓa ganin ya miƙa wuya da wuri ba. Ko an cinye masa rabin 'ya'ya, sai ya gyara zama, ya tura hula ƙeya, ya ce, "Ɗana, kafin ka sallama, duba sarkinka tukuna. Idan ba shi da inda zai taka, kuma ba a yi masa cak ba, wato ba a kai masa hari ba, ai ba a ci ka ba."

Dokar ke nan da 'yan wasa ke kira sitelmet. Idan juyinka ne, sarkinka ba ya cikin cak, kuma ba ka da ko ɗa ɗaya da zai iya motsi, an tashi canjaras. Dattijon nan, da nake ce wa Baba, shi ne ya ba ni labarin wasan Larry Evans da Samuel Reshevsky a gasar Amurka ta 1963 zuwa 1964, inda Evans, da ya ga sarkinsa da sojojinsa duk sun maƙale, ya ba da sarauniya kyauta, ya kuma tura ruk ɗinsa a ci, har aka tashi babu wanda ya ci wani.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne maganar bishof da sojan gefe, domin shi ya fitar da ni kunya a wata ƙaramar gasa a Kaduna. Ni ke da baƙi. Abokin karawata yana da sarki a f4, bishof a d3, sojoji a g4 da h5. Ni kuwa sarki a e7 da doki a f6 kawai suka rage mini. Masu kallo har sun fara watsewa.

Na zuba wa allon ido. Bishof ɗinsa kan farin gida yake tafiya, h8 kuwa, inda sojan h zai zama sarauniya, baƙin gida ne. Har abada bishof ɗin nan ba zai taɓa h8 ba. Sojan g ne abin tsoro, don shi a g8 zai sauka, farin gida, ƙarƙashin kariyar bishof. Sai na ba da dokina a kansa.

```
1... Nxg4 2. Kxg4 Kf8 3. h6 Kg8
4. Kg5 Kh8 5. Kg6 Kg8 6. Bc4+ Kh8 7. h7
```

Ku dasa wannan a allo ku gani da idonku. Sarkina yana h8. Sojan h7 ya tsare g8, sarkinsa ya tsare g7, kuma yana gadin sojan. Ba ni da inda zan taka, ba kuma cak aka yi mini ba. Ko da bai tura sojan ba, haka zan yi ta kai da komo tsakanin g8 da h8, ko g7 idan ta buɗe, har a kira magariba. Irin wannan mafaka ita ake ce wa ganuwa: abokin gaba ya fi ka ƙarfi nesa ba kusa ba, amma babu ƙofar da zai shigo.

Sai dai a nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Sun ji an ce bishof da sojan gefe canjaras ne, sai su saki jiki, alhali sharaɗin shi ne bishof ɗin ba ya iya taɓa gidan kusurwar, kuma sarki ya riga isa can. A wasan nan, da a taki na biyu na je f6, wanda a ido ya fi kama da jarumtaka, da shi ke nan:

```
2... Kf6 3. h6 Kf7 4. Bh7
```

Yanzu bishof ya rufe g8 da g6, soja ya rufe g7, sarkinsa na g4 kuma ya hana ni zagayowa ta g5 in cinye sojan. An kulle ni a waje. Sarkinsa zai tako a hankali ya ture nawa har ya kai g7, ya janye bishof, soja ya wuce. Taki ɗaya tak ne bambancin. Shi ya sa kafin ka ba da doki, sai ka ƙirga gidajen da ke tsakanin sarkinka da kusurwa, ka kuma tambayi kanka ko bishof zai iya shiga h7 bayan soja ya kai h6 kafin kai ka taka g8.

Akwai kuma abin da Baba ya sha jan kunnena a kai: ragowar sojanka na iya zame maka alaƙaƙai. Idan sarkinka ya maƙale amma kana da soja mai motsi, dole ka tura shi, wani lokaci ma ka tura shi inda sojan gefen zai ci shi ya koma layin g, ganuwar ta rushe.

Da na koma Zariya na jera masa wasan a allonsa, bai ce uffan ba sai da muka kai Kf8. A nan ya ɗago ya ce, "Madalla, ɗana. Gobe ka zo da wuri, akwai ganuwar ruk da soja a gaban sarauniya." Wannan darasi, da yadda ya haɗa ni da wani ɗalibin jami'a da ya zama babban abokina, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.