Albashin watan Agusta

Aikina na farko bayan na gama NCE a wata makarantar kuɗi na same shi, a cikin Kano. Mai makarantar ya ce zai riƙa biyana naira dubu 60 a wata, muka yi musabaha, ran Litinin na shiga aji ba ko guntuwar takarda a hannuna. Watanni ukun farko lafiya lau. Da Disamba ya zo sai na ga alat na dubu 30. Na je ofis na ce, "Ranka ya daɗe, kamar an yi kuskure a albashina." Ya ce, "Malam, ai rabin wata ka koyar, sauran hutu ne." Afrilu ma haka. Agusta kuwa ko sisi ban gani ba, ga kuɗin haya ya taso.

Da shekara ta ƙare na zauna da biro na yi lissafi. Wata tara cikakku, dubu 540. Wata biyu rabi-rabi, dubu 60. Jimla dubu 600, wato in an raba gida 12, dubu 50 nake ɗauka a wata, ba 60 ba. Kuma ban cire naira 500 da ake yanka duk ranar da mutum ya makara ba, wadda ba a taɓa faɗa mini ita ba sai da na gan ta a littafin sa hannu.

Ban ce mutumin mugu ba ne. Makarantar ba ta da wata hanyar shigar kuɗi sai kuɗin makaranta da iyaye ke biya, su kuma iyaye a farkon zango suke kawowa, wasu da kaɗan-kaɗan. In mai makaranta bai ware na hutu tun lokacin da kuɗi ke shigowa ba, asusu a bushe zai iske Agusta. Sai dai wannan matsalarsa ce da ya kamata ya faɗa mini tun ranar farko, ba ya bar ni in gano ta da cikina ba.

Da zan koma wata makarantar, tun kafin in ga mai ita na fara bincike. Na tsaya a bakin ƙofa bayan an tashi, na gaisa da maigadi, na ce, "Baba, ran nawa ga wata ake biyanku a nan?" Ya ce ba ya wuce 28. Na samu wata malama da ta yi shekara biyar a wurin, na tambaye ta ko an biya Agustan bara cikakke, ta buɗe wayarta ta nuna mini alat ɗin. Daɗewarta kaɗai ta kwantar mini da hankali, domin makarantar da kowane zango sai ka ga sababbin malamai, akwai abin da ke korar su.

Sun ce dubu 55 za su ba ni. Na roƙi takardar ɗaukar aiki, na tafi da ita gida na kwana ina dubawa. An rubuta albashin wata, amma ba a ce na wata nawa a shekara ba. Washegari na ce, "Hajiya, don Allah a ƙara mini layi ɗaya, cewa albashin na wata 12 ne har da hutu, a kuma sa ranar biya." Ta ƙara, ta sa hannu da hatimi. Dubu 55 sau 12 ya kama dubu 660, ya ɗara na tsohon wurina da dubu 60, duk da a baki kamar ragi na samu.

Wani zai ce ai duka biyun ba su kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba. Gaskiya ne, kuma abin yana ci mini rai. Amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ƙananan makarantun unguwa da yawa kuwa a nan suka faɗa. Saboda haka abin da ke cikin takardarka shi ne madogararka.

Akwai sharaɗi guda da muka ɗan ja a kansa. Takardar ta ce in zan bar aiki sai na ba da sanarwar zango guda, su kuwa suna iya sallamata da sanarwar mako biyu. Na nemi a daidaita, muka tsaya a wata guda kowane ɓangare. Sun kuma so su riƙe ainihin takardar shaidar karatuna, na ce a'a, na nuna musu ita suka gani, na bar musu kwafi. Na san abokin da aka riƙe tasa, ya samu aikin gwamnati, sai da ya yafe albashin wata biyu da yake bi kafin aka miƙo masa ita.

Agustan farko a sabon wurin, ran 27 ga wata alat ya shigo, dubu 55 cif, ina gona a ƙauyenmu ina taya Baba noma.