Godiya bayan jinyar Inna, da labarin wasiƙar autarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, yau mako shida ke nan da aka sallamo Inna daga asibiti, kuma sai a daren nan na samu natsuwar da zan zauna in rubuta godiya, bayan ta sha magani ta yi barci. Duk kun san yadda abin ya faro da yadda muka yi kwana 19 a gefen gadonta, saboda haka ba zan maimaita ba. Abu guda nake so in tsaya a kansa, domin da yawa sun ji an ce Inna ta yi waƙa alhali ba ta magana, wasu ma sun ɗauka ƙari aka yi.

Ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta, shi ya sa hannu da ƙafar dama suka shanye, magana kuma ta ɗauke. Tana jin abin da ake faɗa, tana gane mu ɗaya bayan ɗaya, amma idan ta buɗe baki kalmar ba ta zuwa, sai ta kawar da kai hawaye na zuba. Wannan ne ya sa kiran waya ya zama azaba tsakaninta da autarmu da ke karatu a Rabat, ƙasar Maroko. Yarinyar ta so ta zo, amma jarrabawa na gabanta, kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu a lokacin da magani ke cinye abin da ke hannu, ga kuma tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai zuwa Damagaram. Duk sa'ad da ta kira, ita kuka, Inna kuka, har na ce ta dakata. Bayan kwana uku sai ta aiko da wasiƙa mai shafi huɗu da rubutun hannunta, da Hausa, ta ɗauki hotonta ta turo, aka buga mana a takarda.

Ban ga ban-haƙuri ko ɗaya a cikin wasiƙar ba, kuma da farko abin ya ba ni haushi. Daga gaisuwa sai ta shiga madafar gidanmu na Birni, tana lissafa waƙoƙin da ta taso tana ji, kowace tare da aikin da ake yi idan ana rera ta. Ta ce: "Inna, a nan garin na sami gero a wani kanti, cikin ƴar leda, an surfe shi an niƙe, babu dusa babu tsakuwa, na dama kunu na sha, amma bai yi mini daɗi ba, don babu wanda ya yi masa waƙa."

Ta fara da wadda muke kira waƙar hanyar Mirya, ta marigayiya kakarmu. Ita waƙar niƙa ce, a durƙushe ake yin ta gaban dutse, kafin kiran assalatu, kuma tana da jan numfashi domin tana bin tafiyar ɗan dutse: a tura gaba da baiti, a jawo baya da shan iska. Kaka daga Mirya aka auro ta, a cikin waƙar tana kiran garinsu da lambunansa da ƴan uwanta da ta baro. Autarmu ba ta riski niƙan dutse sosai ba, domin tun tana ƙarama muke kai hatsi inji, amma Inna ta riƙe waƙar tana yin ta a hankali idan tana tankaɗe. Yarinyar ta rubuta cewa sai da ta yi nisa da gida ta gane abin da Kaka take faɗa.

Ta ambaci amadar Barmani Coge, wadda muke sa kaset ɗinta ranar girkin suna ko biki, mata na kewaye da manyan tukwane, wata ta kifa ƙwarya a kan ruwa tana bugawa da ludayi. Ta ambaci muryar Ɗan Alalo da ke fitowa daga rediyon marigayi Baba, a rataye a jikin rumfa, daidai lokacin da talge ke tafasa Inna na jiran ta zuba gari ta sa muciya. Sai kuma ta zo kan waƙar surfe, ta ba ta shafi guda cur, domin ita ce ta Inna ta kanta, ba a wurin kowa ta koya ba.

Wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba ba zai san dalilin da waƙar surfe ta bambanta da ta niƙa ba. Ana zuba hatsi kamar tiya guda a turmi, a yayyafa ruwa kaɗan don dusa ta saki ba tare da ƙwayar ta farfashe ba, mata biyu su tsaya suna fuskantar juna, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. Idan ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi jinkiri, taɓare su haɗu, hatsi ya fantsama ƙasa. Waƙar ce ke riƙe su, shi ya sa baitocinta gajeru ne, ɗaya ta bayar ɗaya ta amsa, in hannu ya yi daɗi a shiga lugude, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Kuma a bakin turmi mace ke faɗin abin da kunya ba ta barin ta faɗa a zaune. Abokiyar dakan Inna shekara da shekaru ita ce abokiyar zamanta, Iya, kuma baitin da Inna ke bayarwa habaici ne gare ta: "Mai aron ludayi ba ta rabon fura." Ita kuwa Iya ta amsa: "Na dama da na aro, mai gida ya sha ya ƙara." Muna yara muna dariya, ba mu san cewa akwai ranakun da ba wasa suke yi ba.

Na karanta wa Inna wasiƙar sau biyu. Ta saurara, ta riƙe takardar da hannun hagu ta ɗora a ƙirji, amma ba ta ce komai ba. Na gwada rera waƙar surfen, sai na ga ban iya ba, domin kalmomin kawai na riƙe, sautin ya kuɓuce mini, kuma babu mai amsawa.

Iya ta koma gidan ɗanta a Garin Malam tun bayan rasuwar Baba, kuma ba ɓoyayye ba ne cewa zumunci ya yi sanyi tsakanin ɗakunan biyu a kan rabon gado. Ta zo dubiya asibiti sau biyu, ta zauna daga bakin ƙofa. Ranar wata Laraba da la'asar ta zo gida, ta tarar da takardar a gefen tabarma, ta tambaya, na karanta mata. Da na kai baitin ludayi sai na yi shiru don kunya, ta ce in ci gaba, ai ta fi ni sanin abin da ke biye. Da na gama, ba ta ce uffan ba. Ta tashi ta ɗaure zane a ƙugu, ta sa yara suka mirgino tsohon turmin da ke kife a bayan rumbu, ta ce a ɗebo hatsi, a fito da Inna tsakar gida a jingina ta da bango. Mace ce mai shekara kusan saba'in, da ciwon gwiwa. Ta miƙa mini taɓarya ɗaya ta ɗauki ɗaya, muka fara, sai da bugun ya daidaita sannan ta ɗaga murya. Ba amsarta ta rera ba. Baitin Inna ta ɗauka, wanda aka yi don a soke ta, ta ce "Mai aron ludayi", ta tsaya, ta bar gurbin a buɗe taɓare na ci gaba da sauka. Ta maimaita har sau uku. A na huɗu na ga yatsun Inna na hagu suna buga tabarma daidai da turmi, sai murya ta fito, a dushe, a karkace, amma kowace kalma a wurinta: "ba ta rabon fura." Iya ta ba ta amsa kamar yadda ta saba shekara talatin, sannan ta ajiye taɓarya ta durƙusa ta rungume ta. Ni dai ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ina roƙon kada a kai labarin inda bai kai ba. A daren ranar Inna ba ta iya cewa a ba ta ruwa ba. Da muka koma asibiti na faɗa wa likita, ya ce abu ne sananne ga masu irin wannan ciwo: waƙar da mutum ya daɗe da haddacewa takan fito ko da magana ta ƙi, domin ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, kuma bugun da ke tafiya daidai yana taimakawa. Ya ce wannan ƙofa ce, ba warkewa ba. Ya shawarce mu mu ɗora gajerun kalmomin buƙata a kan sautin da ta sani, tana buga hannun hagu, kaɗan-kaɗan kullum, mu daina da zarar ta gaji, kuma kada mu yi wasa da maganin hawan jini ko mu koma zuba gishiri da dunƙule a miya kamar da. Yanzu tana iya cewa ruwa, salla, ya isa, da bismilla. Wata rana kalmomin su zo, wata rana su ƙi.

Na san ba a saba kiran mai alheri a bainar jama'a ba, amma ku yi mini afuwa. Iya, Allah ya saka miki da Aljanna Firdausi, ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ƴaƴanki su yi miki abin da ya fi wannan. Tun daga ranar ba ta fasa zuwa Laraba da Asabar ba, kuma kuɗin kabu-kabu ma ba ta yarda a biya mata. Ina godiya ga maƙwabciyarmu mai fura, wadda ta riƙe mini yara kwana 19 ba ta karɓi ko dala ba, da limamin unguwarmu da jama'ar masallaci, da matasan da suka ba da jini da waɗanda suka yi ta kai da kawo da kwanukan abinci, da ma'aikaciyar jinyar dare wadda ta koya mini yadda ake juya Inna kowane awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo. Akwai waɗanda jini ɗaya ne da Inna, suna nan cikin ƙasar, mota na zuwa kullum, amma saƙon murya kawai muka samu daga gare su. Inna ta riƙa duban ƙofa, ni na gani. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ya Allah, ka ba Inna lafiya mai ɗorewa, ka sa wannan ciwo ya zama kaffara, ka kwance harshenta ta karanta Fatiha da bakinta. Ka jiƙan Baba da Kaka, ka haskaka kabarinsu. Ka ba duk mai jinya haƙuri da abin biyan magani, ka tashi kafaɗun marasa lafiyar da muka baro a gadajensu. Ka tsare autarmu a baƙuwar ƙasa, ka ba ta sa'ar jarrabawa, ka dawo mana da ita Inna na da rai.

Auta, na san za ki karanta wannan. Wasiƙarki tana ƙarƙashin matashin Inna, ta fara yagewa a wurin ninki, don haka na sa an sake bugo wata. Iya ta ce in gaya miki kin manta baiti biyu a waƙar hanyar Mirya, kuma ranar Asabar za ta rera su in naɗa in turo miki.