Furojet shida na jera a takardar neman karatun injiniya, ko ɗaya bai yi magana ba

Ƙannena masu shirin neman gurbin karatun injiniya, bari in ba ku labarin shirmen da na tafka a takardar nan ta bayanin kai, wadda ake ce wa fasonal sitetmen, don kar ku maimaita.

Ta UCAS na nema, wato hanyar neman jami'o'in Birtaniya, kuma haruffa 4,000 kacal suke ba ka har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wajen kalma 600 da ɗoriya ke nan. Ni kuwa lokacin ji nake da kaina, sai na kwashe kusan haruffa 3,000 ina jera furojet: na haɗa mota mai bin layi, na haɗa caja mai aiki da sola, na yi kaza na yi kaza har guda shida, kowanne da sunayen kayan da na saka. A farko na liƙa jimlar nan da kowa ke rubutawa, wai tun ina yaro nake kwance rediyo in ga me ke ciki, a ƙarshe kuma na ce ina iya aiki da mutane kuma ina da son sani. Shikenan, a ganina na gama da su.

Wani malaminmu na fiziks na kai wa. Ya karanta ya ɗago ya ce, "Wannan ai rasit ne na kayan lantarki, ina kai a ciki?" Sannan ya sa yatsa a kan inda na rubuta PID, wato lissafin da ke daidaita tafiyar motar nan a kan layi, ya ce in faɗa masa aikin D ɗin. Wallahi shiru na yi, don kwafo kod ɗin na yi na ta canza lambobi har motar ta daina karkarwa. Kar ka rubuta kalmar da ba za ka iya minti biyu kana bayaninta ba, wasu jami'o'in suna intabiyu kuma daga takardarka za su iya ɗauko tambaya.

Amma babban kuskuren ba wannan ba ne. Na ɗauka daidaita takarda shi ne a yanka ta gida-gida, nan furojet, nan dalilin son kwas, nan aiki tare da mutane. Idan ka yi haka gidan furojet ne zai cinye filin, sauran su koma yabon kai wanda babu hujja. Abin da ya gyara min ita shi ne na zaɓi furojet ɗaya, ba ma wanda ya fi burgewa ba, wanda ya fi ba ni wahala, na bar shi ya ɗauko sauran a bayansa.

Ga shi. Mu uku muka haɗa na'urar da ke kunna famfo idan ruwan tanki ya yi ƙasa, ta kashe idan ya cika. Arduino muka yi amfani da shi, wato ƙaramin allon lantarki da ake sa wa kod, da sensa HC-SR04, wadda ke aika sauti ta jira ya dawo, daga lokacin da ya ɗauka sai a lissafa nisan ruwa daga murfi. A rubutun farko layi biyu na ba shi, na ce mun haɗa kuma ya yi aiki. Gaskiyar magana bai yi aiki yadda ya kamata ba. Da safe awonsa ya yi daidai da tef ɗin awo, da rana ta take sai ya nuna ruwa ya fi yadda yake da ʼyan santimita, alhali babu wanda ya kunna famfo. Kwana biyu ina zargin waya, ashe a kod na sa saurin sauti mita 343 a sakan kamar ba ya canzawa, wannan kuwa na iska ce mai zafin digiri 20. Ga yadda abin yake, v shi ne saurin sauti, T kuma zafin iska a digirin Salshiyas:

```
v = 331.3 + 0.606*T
```

Idan iskar cikin tanki ta kai digiri 40 saurin ya haura 355, sautin ya dawo da wuri, na'urar ta zaci ruwan ya matso. A nisan mita 2 kuskuren ya kusa santimita 7. Na ƙara sensar zafi, kod ya riƙa lissafa saurin da kansa.

To ka duba abin da wannan sakin layi ɗaya ya yi. Ban ce ina da son sani ba, amma mai karatu ya ga na lura da abu, na auna, na yi zargin da bai zama ba, na komo kan fiziks ɗin da aka koya min a aji. Dalilin son kwas ma daga nan ya fito, na rubuta cewa ranar na gane duk awo yana da abin da ya dogara a kai, kuma ina son karanta fannin awo da sarrafa na'ura don in daina gyara da lalube. Wannan ya fi labarin rediyo nesa ba kusa ba, don nawa ne ni kaɗai.

Maganar aiki tare ita ce na fi jin kunyar rubutawa. Tun farko ɗaya daga cikinmu ya ce a sa makunni mai yawo a kan ruwa, irin na da, ni na raina abin na ce ƙauyanci ne. Sai gumin ruwa ya fara taruwa a fuskar sensa tana ba da lambobin banza, rannan famfo bai kashe ba tanki ya yi ambaliya. Muka zauna, aka bar sensa tana awo, makunninsa ya zama mai yanke wuta idan ruwa ya kai baki ko da kod ya rikice. Haka na rubuta, cewa shi ne da gaskiya. Kuma ku kula da "mun" da "na". A takardata ta farko maganar tankin duk "mun yi" ce, ba a san me hannuna ya taɓa ba, wasu kuma nasu duk "na yi" kamar sauran kallo suka zo. Faɗi naka ɓangaren ƙarara, ni kod da gwaji ne nawa, sannan ka nuna wuri ɗaya da shawarar wani ta canza aikin.

Rabon fili da na ƙare da shi: kamar haruffa 500 na buɗewa kai tsaye da matsalar awon, kusan 1,900 na labarin tankin har da gardamar makunni, wajen 900 na lissafi da fiziks da abin da na karanta bayan nan, ragowar na sauran abubuwa. Furojet biyar ɗin can, biyu sun samu jimla ɗaya ɗaya, uku na zubar, har da motar PID, kuma ta yi min ciwo.

Ga masu shiga daga 2026 UCAS ta mayar da takardar tambayoyi uku: me ya sa kake son kwas ɗin, yaya karatunka ya shirya ka, me kuma ka yi a wajen aji. Jimillar tana nan 4,000, kowace amsa aƙalla haruffa 350. Da yanzu ne, ranar da awo ya saɓa zan sa a ta ɗaya, lissafin saurin sauti a ta biyu, gardamar makunni a ta uku, ba tare da na sake ba da labarin daga farko sau uku ba.

Kafin ka tura, ɗauki alƙalami kala biyu. Ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ke cewa "na haɗa" ko "na yi amfani da" da kala ɗaya, da ɗayar kuma duk wadda ke faɗin dalili, ko abin da ya lalace, ko abin da ka canza. A tawa ta farko kala ta biyu jimla ɗaya ta samu, ita ma ta rediyon ce.