Danƙo da majajjawa ba tafiyarsu ɗaya ba

Ni dai da danƙo na taso, gwafa da robar tiyub ɗin keke da ɗan fata a tsakiya, sai da aka sa ni korar tsuntsaye a gonar shinkafa na kama majajjawa. Nan na ga saiti na na danƙo bai tsinana min komai ba.

Shi danƙo ƙarfinsa duk a roba yake. Iya janka iya ƙarfin harbin, kuma jan yawanci ba ya wuce daga gwafa zuwa kunnenka. Shi ya sa yake son ƙaramin dutse kamar ƙwallon dabino ko ɗan boris, ka sa masa babba robar za ta dawo a sanyaye dutsen ya faɗi nan gabanka. Ga shi da hunturu robar sai ta yi tauri ta rage gudu, in kuma rana ta dafa ta ta fara tsatstsagewa kusa da ɗaurin gwafa to canza ta kawai, tun kafin ta tsinke ta dawo maka a ido. Amma wajen saiti babu dama, gwafa na tsaye kana kallon abin da za ka harba, taku 10 zuwa 15 yaro ma zai kaɗo gwangwani.

Majajjawa kuwa ba ta da roba sam, igiya ce kawai da mazaunin dutse, bakin igiya ɗaya ka zura yatsa ɗaya kuma ka riƙe ƙullinsa. Igiyar ƙara wa hannunka tsawo take yi, ƙugu da kafaɗa ne ke tura dutsen, kuma doguwar hanya yake bi yana ƙara gudu kafin ka saki, to dole ya fi na danƙo nisa da nauyin duka. Dutse kamar ƙwan kaza take so, in ya yi shafal igiyar ba ta ma miƙewa. Wani Ba'amurke Larry Bray ya taɓa jefa dutse mai giram 52 har mita 437 a 1981, kai jama'a.

Wahalarta saki ne. Ni bana yawan juyi yanzu, zagaye ɗaya ko biyu ya isa, yawan wulwulawa ba ya ƙara komai sai gajiya, ƙarfin yana fizgar ƙarshe. Da hannun dama nake jifa ta gefe, in dutse ya tafi dama na san na yi saurin saki, in ya yi hagu na makara, kuma tsakanin biyun ko ƙiftawar ido bai kai ba. Abin da ya taimake ni shi ne tara duwatsu masu nauyi ɗaya da barin igiya a tsawo ɗaya, don da ka canza ɗaya lokacin sakin ma ya canza. Mai koyo ya nemi fili wanda ba kowa ko a bayansa, don dutsen farko baya ma yana zuwa.