Kafin ka sayi kirifto, tambayi sunan da ƙasarka ta raɗa masa

A watan Maris na 2021 na je cire kuɗin kaya wajen mai POS ɗin da ke kusa da shagona a Kasuwar Barci ta Kaduna, katin ya ƙi. Muka gwada sau uku, yaron ya goga shi a rigarsa, ya sake sakawa, shiru. Washegari na wuce banki a kan titin Yakubu Gowon, na yi kusan awa biyu a layi, sannan ma'aikaciyar ta juyo min da fuskar kwamfutarta ta nuna min layi ɗaya. Wani da na sayar wa dalar kirifto, wato kuɗin intanet mai darajar dala, ta hanyar ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum da ake kira P2P, ya turo min naira dubu ɗari biyu da arba'in, kuma a wajen bayanin kuɗin ya rubuta "USDT", sunan dalar kirifton. Ta ce, "Malam, wannan kalmar ce ta jawo maka."

Asusun shago ne. Kuɗin caja da gilasan waya da zan biya dillalina na Kano duk suna ciki. Sai da na yi sati biyar ina zarya, da rasitai da takardar bayani, kafin a sakar min kuɗina a rufe asusun. Dillalin bai sake ba ni kaya bashi ba.

Laifina ne, kuma ba na rashin jin labari ba. Na ji cewa ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Bankin Najeriya ya fitar da takarda a kan kirifto, amma ban karanta ba. Na saurari masu bidiyo ne, yawancinsu mazauna Amurka da Dubai, suna cewa babu gwamnatin da ta isa ta hana Bitkoyin, kuɗin kirifton da ya fi shahara. Ta wani ɓangaren gaskiya suka faɗa, don babu mai iya kashe shi. Amma takardar ba da Bitkoyin take magana ba, da bankuna take. Ta umarce su su gano asusun masu hada-hadar kirifto su rufe. Riƙe kirifto a wayarka bai zama laifin da za a ɗaure ka ba, ƙofar da yake bi ya koma naira aka toshe. Ni kuwa a daidai bakin ƙofar nan na shimfiɗa tabarmata.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne, wata biyar kafin nan, a Satumbar 2020, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta ce ita tana ɗaukar kadarorin kirifto a matsayin takardun jari, sai dai in mai su ya tabbatar da akasin haka. Na ɗauka ke nan gwamnati ta yarda. Ban gane cewa gwamnati ba baki ɗaya gare ta ba. Kowace hukuma ta fuskar aikinta take kallon abin. Babban Banki naira yake karewa, don haka abin da yake gani shi ne wata hanya ta sayen dala ba da saninsa ba, da kafar safarar kuɗin haram. SEC mai zuba jari take karewa, sai ta ga haja da ake tallata wa jama'a da alƙawarin riba, ta nemi rajista da lasisi. Masu haraji kuma kadara suke gani, kamar fili, wadda ka saya da araha ka sayar da tsada.

To haka abin yake tsakanin ƙasashe, kowa da inda takalmi ke matsa masa. El Salvador ba ta da kuɗin kanta, dalar Amurka take kashewa, jama'arta kuma sun dogara da abin da 'yan uwa ke aikowa daga waje, shi ya sa a Satumbar 2021 ta mai da Bitkoyin kuɗin ƙasa. A wannan watan dai Sin ta haramta hada-hadarsa, domin ita tana tsananta sa ido kan fitar kuɗi daga ƙasarta. Amurka kuwa tun 2014 hukumar harajinta ta ce dukiya ce, ba kuɗi ba.

Kada ka ɗauka wannan gardamar suna ce kawai. Sunan ne ke yanke abin da zai rage a aljihunka. Ɗan yayata yana karatu a Indiya, ya kira ni yana murna wai can ba a haramta ba. Na ce, "Ɗana, zauna mu yi lissafi." Tun 2022 Indiya na karɓar kashi 30 cikin ɗari na ribar kirifto, ana kuma cire kashi 1 na kuɗin ciniki tun a wajen sayarwa, sannan ba a yarda ka cire asarar wani tsabar daga ribar wani ba. A ce ya ci ribar rufi dubu ɗari a Bitkoyin, ya yi asarar dubu ɗari a wani daban. A lissafin ɗan kasuwa ya tashi ba riba ba faɗuwa. A lissafin hukuma sai ya biya aƙalla dubu talatin daga uwar kuɗinsa. Da a Jamus yake zaune, ya riƙe Bitkoyin ɗin sama da shekara ɗaya kafin ya sayar, ko sisi ba za a karɓa a ribar ba. Haja ɗaya, manhaja ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ai ni bidiyon Najeriya nake kallo." Cutar da ta kama ni ce, ta juya baya kawai.

Wani abin kuma, dokar ba ta zama wuri ɗaya. Umarnin da ya rufe min asusu, Babban Bankin da kansa ya sauya shi a Disambar 2023, ya ba bankuna damar buɗe asusu ga kamfanonin kirifto masu lasisin SEC. Ba a yi wata uku ba, rikici ya tashi tsakanin gwamnati da kamfanin cinikin kirifto na Binance kan farashin dala, kuma a Maris 2024 kamfanin ya daina mu'amala da naira. A Maris 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari wadda ta sanya kadarorin dijital irin su kirifto ƙarƙashin SEC ƙarara. Haraji ma haka: dokar kuɗi ta 2023 ta ɗora kashi 10 a kan riba, sai sababbin dokokin haraji na Yunin 2025 suka sake fasalin lissafin. Wanda ya haddace abin da ya ji a 2021 yana aiki da tsohon zance.

Yanzu kafin in taɓa kowace manhaja, sai na shiga shafin SEC na ga ko sunan kamfanin yana cikin waɗanda ta amince da su, ba hoton takardar da wani ya turo a WhatsApp ba. In na ji an fitar da umarni, nakan nemo takardar kanta in duba abu biyu: kwanan wata, da wanda aka rubuta wa. Da na yi wannan na biyun kaɗai a 2021, da na tsira. Ina kuma rubuta kowane ciniki a littafi, ranar saye da farashi da ranar sayarwa, saboda ranar da mai haraji ko banki zai tambaya.

Kwanaki wasu samari uku daga Tudun Wada suka zo shago, suna so su haɗa kuɗi su ba ni in riƙa juya musu, a raba riba duk wata. Na ce a'a. Juya kuɗinka daban, karɓar na jama'a da alƙawarin riba daban, shi wannan aikin masu lasisi ne, ni kuma ba ni da shi. Ɗayansu ya ce ai abokinsa na Dubai haka yake yi. Na tambaye shi a wane gari asusun bankinsa yake, ya ce Kaduna. Na miƙa masa gilashin wayar da ya zo saya.