Rahama da kwana talatin ɗinta

Talata. An ɗauke wuta a Aboabo tun hantsi, sai keken hannu muka koma, yara suna ta gunaguni.

Bayan la'asar Rahama ta shigo da waya a hannu tana murna, wai ta gama rubuta kanun tallar kwas ɗinmu. Ta karanta min: "Zama ƙwararriyar tela cikin kwana 30!" A ƙasa kuma: "Ki canza rayuwarki yau." Na ajiye almakashi. Na ce, ke Rahama, wace tela? A Kumasin nan yarinya shekara 3 take yi a hannun madam, ta fara da guga da sa maɓalli, ta yi ta ɗinki a kan takarda kafin a yarda ta taɓa atamfar mutane. Ta ce, "Yaya, haka kowa ke rubutawa, in ba ki cika baki ba babu mai tsayawa ya karanta."

Watakila za su tsaya. Amma matar da ta tura kuɗinta ta MoMo, ranar da hannun rigarta ya tattare a kafaɗa ko zif ya yi ta lanƙwasa don ta ja yadi lokacin ɗinki, ni za ta kira, ba Rahama ba. Kuma ta ina aka canza rayuwa? Mai sayar da sabulu ma zai iya rubuta wannan.

Na ce ta goge, babban layin ya faɗi abu guda da mace za ta riƙe a hannu in ta gama. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan: "Ki ɗinka kaba da siket ɗinki da hannunki." Kowace mace a zango ta san kaba, ta san yadi 6 ake yanko mata a Kejetia, ta kuma san wulaƙancin jiran ɗinki daren Sallah. Layin ƙasa kuwa aikinsa amsa tambayoyin da suke turo min kullum, wato da wane yare, me za a koya, sai na sayi keken lantarki? Sai muka sa: "Darussan bidiyo da Hausa a wayarki: awo, yanka, sa zif da haɗa hannu. Keken hannu ya isa, ko ba ki taɓa ɗinki ba." Rahama ta ce ya yi tsawo. Na ce a bar shi.

Ta tafi tana kumbure-kumbure, ko wainar da na ajiye mata ba ta ɗauka ba.

Da dare kuma abin ya dawo min. "Ko ba ki taɓa ɗinki ba" ɗin nan, anya ba irin nata cika bakin na yi ba? Madam ɗina kama hannuna take yi ta nuna min yadda ake sakar wa yadi ya bi keke da kansa. Ta waya hannun wa zan kama?

Hajiya Mma ta aiko a rage mata ƙugun siket. Gobe.